Yaro Ɗaya, Takarda Biyu: Ni Na Ba Shi Maki 2, Malaminsa Ya Ba Shi 8

Ni ɗan kasuwa ne, albasa da riɗi nake saye da sayarwa. Gidanmu yana Hajj Abdalla, kan hanyar da ta tashi daga Wad Madani zuwa Sinnar, inda kakanninmu suka sauka tun zamanin da ake neman hannu a gonakin audugar Jazira. Rabin rayuwata a kan mota take, yau Sinnar, gobe Damazin, jibi Gadarif. Abin da zan ba ku labari ya faru a 2022, kafin yaƙi ya watsa mu. Na ga ya dace in rubuta shi yanzu saboda 'yan'uwa da yawa sun sa yara a sababbin makarantu a wasu garuruwa, kuma har mutum uku sun kira ni a kan irin wannan magana.

Ɗana na huɗu, muna ce masa Auta ko da yake an yi masa ƙanwa daga baya, yana aji uku, shekararsa takwas. Wata rana na dawo daga tafiya sai uwargida ta ce ustaz ya aiko ana nemana. Na je. Ya ce mini, "Ya Hajj, yaron nan jikinsa ne kawai a aji, hankalinsa yana wani wuri. Ba ya gama kwafe abin da ke kan allo. In na tambaye shi gabas, sai ya amsa mini yamma. In aka ci gaba a haka, zai maimaita aji."

Raina ya ɓaci. Wannan yaron da nake zaunar da shi a rumfa ya ware mini albasa babba da ƙarama, buhu guda, bai tashi ba sai ya gama? Na dawo gida ina cewa malamin nan dai ba ya son 'ya'yan Hausawa. Hajiya, mahaifiyata, ta ce ƙuruciya ce, a bar yaro. Wata 'yar ƙanwata da ke aikin jinya ita ce ta ce, "Kawu, kafin a yi faɗa da malami ko a doki yaro, a kai shi wajen likitar yara a Madani."

Takardar da aka ba mu

Likitar ta saurare ni, sannan ta ba ni takarda biyu da Larabci, ɗaya ta iyaye, ɗaya ta malami. Sunan takardar SDQ. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Ingila, Robert Goodman, ya fitar da ita a 1997, an kuma fassara ta zuwa harsuna da yawa. Tambaya 25 ce a ciki, kashi biyar, kowane kashi tambaya biyar. Kashi ɗaya ne ya shafi mai da hankali da rashin zama wuri ɗaya. Ga abin da yake tambaya, a taƙaice: shin yaron ba ya iya zama wuri ɗaya? Yana yawan mutsu-mutsu? Hankalinsa yana saurin ɗaukewa? Yana tunani kafin ya aikata abu? Yana kai aiki ƙarshe?

Kowace tambaya amsa uku gare ta: ba haka ba ne, akwai ɗan haka, ko tabbas haka ne. Makin 0 ne, ko 1, ko 2. Tambaya biyu na ƙarshe, da yake halin kirki suke tambaya, a juye ake lissafa su: in ka ce tabbas yana kai aiki ƙarshe, makinsa 0 ne. In an tara, ana samun daga 0 zuwa 10. A tsohon ma'aunin takardar, 0 zuwa 5 ba damuwa, 6 yana bakin iyaka, 7 zuwa 10 kuwa sai a bincika.

Na cika tawa a tasha ina jiran mota. Ustaz ya cika tasa ya rufe a ambulan. Da muka koma bayan mako biyu, likita ta lissafa a gabana. Tawa 2. Tasa 8.

Na ce, "Likita, to ɗayanmu dai ya yi ƙarya ke nan."

Ta yi murmushi ta ce, "Alhaji, nawa buhun albasa yau a Sinnar, nawa a Madani?" Na faɗa mata. Ta ce, "Wace kasuwa ce ta yi ƙarya?" Na yi shiru. Ta ce, "Kai da wannan bambancin kake cin abinci, don shi yake gaya maka inda kaya suka yi yawa da inda suka yi ƙaranci. Ni ma da bambancin takardun nan zan yi aiki."

Saɓani shi ne abin da aka fi gani

Daga baya na fahimci ba mu kaɗai ba ne. A 1987 wani masani a Amurka, Thomas Achenbach, da abokan aikinsa biyu sun tattara bincike 119 don su ga yadda mutane daban-daban suke dacewa in sun auna halin yaro ɗaya. Ma'auninsu daga 0 ne, wato babu alaƙa sam, zuwa 1, wato baki ya zo ɗaya cif. Tsakanin masu ganin yaro a wuri ɗaya, kamar uwa da uba, sun samu kusan 0.60. Tsakanin iyaye da malami kuwa 0.27 kawai. Wato in takardarka da ta malami suka saɓa, abin da aka saba gani ne ya same ka.

Dalilin a fili yake in mutum ya zauna ya yi tunani. A gida yaro yana aiki da hannu, yana tashi yana zama, mai ba shi umarni yana kusa da shi, da harshen da ya tashi da shi. A aji ana so ya zauna sa'o'i, ya saurari magana daga nesa, ya kalli allo, ya rubuta. Sannan ni da yara shida nake kwatanta shi, ustaz kuwa da ɗaruruwan yaran da suka bi ta hannunsa. Abin da ni nake kira "ɗan haka" shi yana iya kiransa "tabbas", ko akasin haka.

Likitar ta hana ni abu biyu. Na farko, in zaɓi takardar da ta yi mini daɗi in yar da ɗayar. Na biyu, in raba tsakiya irin na ciniki. Ta ce, "Haɗa 2 da 8 ka raba biyu, 5 ke nan, ka ga ya faɗa cikin 'ba damuwa'. Sai mu koma gida, yaro kuma ya ci gaba da faɗuwa a aji. Ba kuma wanda ya taɓa ganin yaron mai maki 5 ɗin nan, lissafi ne kawai ya haife shi."

Tambaya ta farko: wa ya cika, kuma yaushe yake ganin yaron?

Ta tambaye ni kwana nawa nake yi a gida cikin wata. Na ce shida, wani lokaci takwas. Ta ce wa yake tashinsa da safe, wa yake zama da shi in zai yi aikin makaranta? Na ce uwarsa. Ta ce, "To me ya sa kai ka cika?" Amsar ita ce ni na iya karanta Larabci sosai, kuma ni ne maigida, ban ma yi tunanin in tambaye ta ba.

Wannan kuskure ne da nake jin 'yan kasuwa da yawa za su yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaro in babansa ya dawo daga tafiya, da tsaraba da kwarjini, wani yaro ne daban. Takardar kuwa halin wata shida take tambaya, ba na ranar Juma'a a rumfa ba.

Likita ta sa 'yar ƙanwata ta karanta wa uwargida tambayoyin, tana fassara mata da Hausa, ni kuma in fita waje don kada ta dubi fuskata kafin ta amsa. Makinta ya fito 5. Ta ce, "Malam, in na aike shi abu uku, ɗaya yake kawowa. Ina ta faɗa, kana cewa ina matsa masa."

Haka aka bincika ɓangaren ustaz. Wata nawa ya yi da yaron? Biyar, wannan ya isa. Malamin da bai wuce mako uku da ɗalibi ba, takardarsa ba ta da nauyi. Yara nawa ne a ajin? Sun haura sittin. Ina Auta yake zama? Layin baya, jikin taga, don yana da ɗan tsawo.

Tambaya ta biyu: a wace tambaya aka saɓa?

Nan ne na ga aiki. Likita ta ajiye jimla gefe, ta jera takardu ukun, ta bi su layi-layi.

A kan rashin zama wuri ɗaya, dukkanmu 1 muka ba shi. A kan mutsu-mutsu, ni 0, uwarsa 1, ustaz 1. Wato ba wanda ya ce yaron nan mai tsalle-tsalle ne. A kan saurin ɗaukewar hankali, ni 1, uwarsa 2, ustaz 2: mutum biyun da suke wuni da shi sun yarda da juna. Ainihin saɓanin yana cikin biyun ƙarshe. Tunani kafin aikatawa: ni 0, uwarsa 1, ustaz 2. Kai aiki ƙarshe: mu biyu a gida 0, ustaz 2.

Sai ta ce kowa ya kawo misali, ba hukunci ba. Da muka ce yana gama aiki, wane aiki? Ware albasa, kai awaki bakin ruwa, ɗebo ruwa. Duk aikin da an nuna masa da hannu ne. Da ustaz ya ce ba ya gamawa, wane aiki? Shifta, wato ya faɗa su rubuta, da kwafe darasi yayin da yake bayani. Da ya ce ba ya tunani kafin ya amsa, me yake nufi? Na koma na tambaye shi, wannan karon da ladabi. Ya ce, "In na ce su buɗe shafi na talatin, sai ya buɗe na tamanin. In na kira sunansa sai na biyu ko na uku yake juyowa, ya amsa abin da ban tambaya ba."

Da na kawo wa likita wannan, ta ce, "Duk inda ya gaza, wurin da sai da kunne ne. Kawo shi nan."

Abin da aka duba kafin a kira suna

Ta tsaya bayansa, ta toshe masa kunne ɗaya, ta riƙa faɗin lambobi cikin raɗa yana maimaitawa. Da na dama ya kama duka. Da na hagu ya rasa mafi yawa. Ta leƙa da fitila, ta ce dodon kunnen ya huje, akwai ruwa. Sai uwarsa ta tuna kunnen yakan zubar da mugunya lokaci-lokaci, musamman in ya yi wanka a tur'a, wato magudanar ruwan gona, Hajiya kuma takan ɗiga masa mai ya lafa. A aji kuwa kunnen lafiyar yana fuskantar taga, mai ciwon yana fuskantar malami.

Ba ta tsaya nan ba. Ta gwada idonsa, lafiya lau. Ta sa aka auna jini da fitsari, don yaran da ke shiga ruwan Jazira suna kamuwa da tsargiya, tsargiya kuma tana rage jini, ƙarancin jini kuma yana kawo kasala da rashin mai da hankali. Wannan ma ya fito lafiya. Sai barci. Yana makarantar allo bayan isha, sannan a tashe shi da asuba, in an lissafa bai fi awa bakwai da rabi ba. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12 yake bukata.

Sai harshe. 'Ya'yanmu suna jin Larabcin kasuwa da na wasa, amma Larabcin littafi wani abu ne daban. Yaron da Hausa yake ji a gida, yana zaune a baya, da kunne ɗaya, yana ƙoƙarin kama Larabcin littafi cikin hayaniyar yara sittin, in ya gaji ya kalli taga ba abin mamaki ba ne. Likita ta ce in nemi ra'ayin malamin allo a matsayin ido na uku, tunda shi kusa yake zaunar da su kuma da Hausa yake musu bayani. Ya ce, "Alhaji, yana kama karatu, sai dai in wani abu ya gilma, ya tafi, sai na taɓa shi." Wannan ya zo daidai da abin da uwarsa ta faɗa.

A nan ta yi mini bayanin lalurar da ake kira ADHD, wato ƙarancin mai da hankali da yawan motsi. Lalura ce ta gaske, kusan yaro 5 cikin 100 a duniya, kuma ba rashin tarbiyya ba ce. Amma takarda ba ta yanke ta. Ka'idar da likitoci suke bi tana bukatar alamomi aƙalla shida cikin tara a ɓangaren hankali ko a ɓangaren motsi, su daɗe wata shida, wasunsu su bayyana kafin shekara 12, a gan su a wuri biyu ko fiye, kuma su zama suna cutar da karatu ko zaman yaron, ba kuma wani abu ne ya fi bayyana su ba. Ta ƙara da cewa "wuri biyu" ba ya nufin sai takardu biyun duk sun haura iyaka, don haka ƙaramin makin gida bai wanke yaro ba, babban makin makaranta kuma bai kama shi ba. Iyakokin makin ma daga yaran Birtaniya aka samo su, shi ya sa take kallonsu a matsayin alama kawai.

Abin da muka canja, da abin da ya rage

Ta rubuta maganin ɗigawa, ta ce a daina zuba mai, a riƙa busar da kunnen, kuma ba shiga tur'a. Na je wajen ustaz, na ba shi haƙuri a kan zargin da na yi masa a zuci, na roƙi ya dawo da Auta layin gaba, a gefen da kunnen dama zai fuskance shi. Ya yi, har ya ƙara da cewa zai riƙa kiran sunansa kafin ya ba da umarni. Muka roƙi malamin allo ya mai da shi karatun la'asar. Uwarsa kuma ta koma aikensa abu ɗaya-ɗaya, tana sa shi ya maimaita kafin ya fita.

Bayan wata uku aka sake cika takardun, mutanen nan dai, aka ce su yi la'akari da watan da ya wuce kawai. Na ustaz ya sauko daga 8 zuwa 6. Na uwarsa yana nan 5. Yana gama shifta mafi yawan lokaci, maganar maimaita aji ta mutu. Amma tambaya ta uku, saurin ɗaukewar hankali, tana nan a 2 wajen su biyun.

Na so likita ta ce an gama. Ba ta ce ba. Ta ce, "Abin da kunne da wurin zama da barci suka jawo ya tafi. Wanda ya rage nasa ne, kuma gida da makaranta sun gan shi tare. A yanzu ba ya hana shi karatu, don haka ba zan sa masa suna ba, ba kuma zan ba da magani ba. In aji ya yi nauyi ya soma zamewa, ku dawo da takardun nan duka, a yi cikakken bincike." Har yau suna cikin jakar da nake ajiye takardun gida, da su muka yi hijira.

In naku ya zo a juye

Wani abokina nasa akasin nawa ne: makin gida 8, na makaranta 3. Nan ma ba a cewa uwa ta cika ƙorafi. Akwai yaron da tsoron bulala yake daskarar da shi a aji, in ya dawo gida sai ya fashe. Akwai yarinya mai shiru wadda hankalinta ya tafi amma ba ta damun kowa, malami mai yara sittin ba zai lura da ita ba, sai an duba littafinta an ga rabin shafi babu komai. Akwai kuma inda gidan ne ya yi zafi: uba ya daɗe a tafiya, uwa ta gaji, ɗaki ɗaya mutum takwas. Hanyar dai ita ce: wa ya cika, wace tambaya, wane misali, wane lokaci na rana. A irin wannan, a nemi ganin littattafan yaron da sakamakonsa, kada a tsaya ga "ba shi da matsala" na malami.

Ga waɗanda yaƙi ya taso, akwai ƙari. Tun daga Afrilun 2023 yaranmu da yawa sun yi dogon zama babu makaranta, bayan faɗuwar Madani a Disambar shekarar kuma wasu sun ga abin da babba ma bai iya mantawa. Tsoro, mugun mafarki, da giɓin karatu duk suna fitowa a takarda kamar rashin mai da hankali. Tambayar da za ta taimaki likita ita ce: haka yake tun kafin a tashi, ko bayan an tashi ya soma? Uwa ce kaɗai za ta iya amsa wannan, sabon malami bai san yaron jiya ba. Ku faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

In an miƙo muku irin takardar nan, ku ba wanda yake wuni da yaron ya cika, ko da sai an karanta masa. Kada ku ga ta malami kafin ku cika taku. Ku rubuta misali ɗaya a gefen duk amsar da kuka ce "tabbas". In maki ya saɓa, ku kai su duka biyun yadda suke, ku nemi a duba kunne, ido, jini da barci.

Auta yanzu shi yake riƙe mini littafin bashi in yana hutu. In zan gaya masa lamba, ta dama nake tsayawa.